Bunsurun Barbara: Gaskiya Da Ƙarya Cikin Abin Da Ake Faɗa A Kasuwar Awaki

A gidan da ake da awaki takwas da bunsuru ɗaya, kowace akuya 'ya'yanta kawai take ba gado, amma bunsurun shi ne uban duk abin da aka haifa a shekarar. Rabin jinin sabon garken daga gare shi yake fitowa. Duk da haka, a gidaje da yawa ba zaɓarsa ake yi ba. Wanda ya fi girma ana kai shi kasuwa idan suna ko biki ko kuɗin taki ya taso, wanda ya rage a turke shi ne ke hawan awaki. Maganganun da ke yawo a kan zaɓen bunsuru kuwa, wasu gaskiya ne, wasu rabin gaskiya, wasu kuma su ne ke cinye garke a hankali. Ga guda shida, da jar akuya ta Sakkwato da Maraɗi a matsayin misali.

"Dabba ba ta da dangi, uba ya hau 'yarsa ba komai"

Wannan ƙarya ce, kuma ita ce ta fi tsada. Kowace dabba tana ɗauke da wasu aibobi na gado da ba sa bayyana sai ɗa ya gaji irinsu daga uwa da uba a lokaci guda. Idan uwa da uba ba su haɗa jini ba, da wuya hakan ta faru. Idan jininsu ɗaya ne, hanya ta buɗe. Masana kiwo suna auna wannan kusanci da kaso: ɗan da aka samu tsakanin uba da 'yarsa, ko uwa da ɗanta, ko wa da ƙanwa uwa ɗaya uba ɗaya, yana da kashi 25 cikin 100. Na 'yan uba yana da kashi 12 da rabi.

Mu bi lissafin a gidan nan mai awaki takwas. An kawo bunsuru a watan Janairu. Cikin akuya wata biyar ne, kusan kwana 150, don haka 'ya'ya suna sauka a Yuni. 'Yar akuya da ke samun abinci takan fara neman namiji tana da wata shida zuwa takwas, wato tsakanin Disamba da Fabrairu. Idan bunsurun yana nan, shi zai hau 'ya'yansa, a haifi masu kashi 25. Idan aka sake barinsa wata shekara ya hau waɗannan jikokin, waɗanda kuma 'ya'yansa ne, kason ya kai 37 da rabi. Shekara uku ba ta cika ba, garken ya riga ya koma jini ɗaya.

Dabarar da wasu ke yi ta sayar da tsohon su bar ɗansa a madadinsa ba ta warware komai. Ɗan zai tarar da uwarsa a garken, ya tarar da 'yan ubansa mata. Abin da ke aiki shi ne a fitar da bunsuru kafin 'ya'yansa mata su isa barbara, wato kafin ya cika shekara a gidan, ko kuma a raba su da shi a turke da kiwo, abin da ke da wuyar yi da rani lokacin da ake sakin awaki. 'Ya'ya maza da ba za a bari don iri ba a dandaƙe su tun kafin wata uku zuwa huɗu, domin ɗan bunsuru yana iya yi wa akuya ciki tun yana wata huɗu ko biyar. Taure ya fi natsuwa, kuma namansa ba ya warin bunsuru.

"Ai mun daɗe muna haka, ba mu taɓa ganin an haifi nakasasshe ba"

Mai wannan magana yakan faɗi gaskiyar abin da ya gani, amma ba a nan ɓarnar take ba. Nakasar da ido ke gani, kamar karkataccen muƙamuƙi ko lanƙwasassun ƙafafu, tana zuwa jefi-jefi. Abin da ya fi yawa shi ne raguwa kaɗan-kaɗan: 'ya'ya su fito ƙanana, su yi nawar miƙewa su kama nono, su fi mutuwa kafin yaye, girma ya yi jinkiri, akuya ta daɗe ba ta ɗauki ciki ba. Mai gida sai ya ɗora laifin a kan damina ko sanyi.

Sai dai yunwa da tsutsar ciki su ma suna kawo duk waɗannan alamu, don haka ba a yanke hukunci da ido. Hanyar rarrabewa ita ce a fara ba da maganin tsutsa, a gyara abinci da harawa da dusa, a yi allurar rigakafi. Idan an yi wannan amma 'ya'yan bana sun gaza na bara, na bara sun gaza na bara waccan, kuma bunsurun bai canza ba, to a dubi jini. Labari mai daɗi shi ne wannan ɓarna tana gyaruwa da wuri. Akuyar da ita kanta 'yar uba da 'ya ce, idan baƙon bunsuru ya hau ta, ɗanta ba ya ɗauke da wannan kason.

"Bunsurun maƙwabci baƙon jini ne"

Ba lallai ba. A unguwar da awaki ke cuɗanya a bola da bakin rijiya, kuma ake ba juna kiwo, bunsurun maƙwabci yana iya zama ɗan naka ko jikansa. Kafin a yi musaya a tambayi uwarsa wace ce, daga wane gida ta fito. Gidaje uku na iya haɗa kai su sayo bunsurai uku daga kasuwanni masu nisa da juna, kowace shekara su zaga da su. A shekara ta huɗu sai a sayar da duka a sayo sababbi, domin idan na farko ya dawo gidan da ya fara, 'ya'yansa mata suna nan a raye suna haihuwa. Littafin makaranta guda ɗaya ya isa wannan aiki: ranar da bunsuru ya shigo, inda aka sayo shi, da wace akuya ta haifi wa.

Ga mai shanu lissafin ɗaya ne, lokacin ne ya fi tsawo. Cikin saniya wata tara ne, kuma karsanar Bunaji ko Bokoloji a kiwon gargajiya ba kasafai take isa barbara ba kafin shekara biyu da rabi zuwa uku. Bijimi zai iya yin kamar shekara uku a garke kafin ya fara cin karo da 'ya'yansa.

"Wanda ya fi girma a kasuwa shi ya fi iri"

Rabin gaskiya. Girman jiki ana gadonsa, amma girman da kake gani ranar kasuwa ya haɗa da shekaru da abinci. Bunsurun da aka turke wata uku ana ɗura masa dusa zai cika ido, sai dai 'ya'yansa ba za su gaji dusar ba. Kwatancen da ke da ma'ana shi ne tsakanin tsararraki da suka ci abinci iri ɗaya, kuma wannan ya fi samuwa a gidan mai shi fiye da hannun dillali.

Don sanin shekaru a buɗe baki. Haƙoran gaba na ƙasa guda takwas ne. Idan duk ƙanana ne na nono, bai kai shekara ba, ko bai daɗe da cika ta ba. Manya biyu a tsakiya suna fitowa tsakanin shekara ɗaya da ɗaya da rabi, huɗu wajen shekara biyu, takwas kuma sai ya doshi shekara huɗu. Mai manyan haƙora biyu ko huɗu shi ne a kan ganiyarsa. Tun da bakin yana buɗe, a duba ko haƙoran suna sauka daidai a kan dasashin sama. Idan muƙamuƙin ƙasa ya zarce ko ya gaza, a bar shi, ana gadon wannan kuma yana hana kiwo sosai.

Daga nan a sa hannu a taɓa marainansa. 'Ya'yan su kasance biyu, girmansu ɗaya, da ƙwari ba tauri ba, suna motsi cikin fata ba tare da ya zabura don ciwo ba. Wanda ɗaya ne kawai ya sauko yana iya yi wa akuya ciki, shi ya sa ake ruɗuwa, amma yana gadar da aibin. Kumburi a gefe ɗaya kuwa yana iya zama bakkale, cutar da ke sa ɓari a garke, kuma tana kama mutum ta hanyar ɗanyen nono da taɓa mahaifa. A ƙarshe a sa shi ya yi tafiya. Ƙafafun baya su ne ke ɗaukar nauyinsa lokacin hawa, mai ɗingishi ko mai lanƙwasasshen kofato ba zai bi awaki ba.

"Bunsurun da aka haifa tagwaye, awakinka za su riƙa haifar tagwaye"

Akwai gaskiya a ciki, amma ba yadda ake zato ba. Yawan 'ya'yan da akuya ke ɗauka ya dogara da ƙwayayen da jikinta ya saki, ba bunsurun da ya hau ta ba. Abin da yake bayarwa zai bayyana ne a 'ya'yansa mata idan sun fara haihuwa, kuma gadon tagwaye mai rauni ne idan aka kwatanta da gadon girma. Ƙara wa akuya abinci makonni kaɗan kafin barbara ya fi saurin nuna sakamako. Duk da haka a nemi ganin uwar bunsurun: tana haihuwa ba dogon hutu, hantsarta a ɗaure take da kan nono biyu masu kyau, tana raya abin da ta haifa. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Maganar cewa wani bunsuru "mata yake haifa" kuma ba abin dogaro ba ce. A haihuwa takwas ko goma, rinjayen mata ko maza sa'a ce kawai.

"Sabon bunsuru a sake shi cikin awaki ranar da aka kawo shi"

Ƙarya ce mai haɗari. Kasuwa matattarar cuta ce, musamman annobar awaki mai zuwa da majina da gudawa da gyambon baki, kuma dabba na iya ɗauko ta ba tare da alama ta fito ba tukuna. A ɗaure shi daban na mako uku zuwa huɗu, da kwanon ruwansa da na abincinsa, a ba shi maganin tsutsa, malamin dabbobi ya duba shi. Idan ya yi zazzaɓi mai zafi a wannan tsakani, maniyyinsa na iya yin rauni har kusan wata biyu ko da ya warke. Bayan an sake shi, a lura da awakin da ya hau. Akuyar da ba ta ɗauka ba takan sake neman namiji bayan kamar kwana 21. Idan ɗaya ce ta maimaita, a binciki akuyar. Idan yawancinsu ne suka maimaita har sau biyu, matsalar tana wajen bunsurun, a nemi wani kafin lokacin barbara ya wuce.