Fim Mai Zango Uku, da Daraktan da Ya Kashe Jarumarsa a Tsakiyar Hanya

Duk wanda ya daɗe yana kallon fim yakan iya cankar abin da zai biyo baya. Minti ashirin da farawa za ka ji ya ce, "Yanzu masifa za ta sauko." Ba duba yake yi ba. Yawancin finafinan Hollywood a kan tsari ɗaya ake rubuta su, wato zango uku, kuma ido ya riga ya saba da shi.

Ba'amurke Syd Field ne ya fi kowa yaɗa wannan tsari, a littafinsa Screenplay na 1979. Lissafinsa mai sauƙi ne: shafi ɗaya na rubutun fim kusan minti ɗaya ne a majigi. Fim na awa biyu shafi 120 ke nan. Talatin na farko a gabatar da jarumi, da inda yake, da abin da yake so, sannan a jefo masa abin da zai raba shi da zaman da ya saba. Sittin na tsakiya fafutuka ce, kowane cikas ya fi na bayansa tsanani. Talatin na ƙarshe a warware. Tsakiyar nan ce makabartar marubuta: idan ka ga ɗan kallo ya fara latsa waya, galibi jarumi ne yake ta kai da komo ba tare da wani abu ya sauya ba.

Amfanin tsarin shi ne yana dasa tambaya ɗaya a zuciyar mai kallo tun a zangon farko, ya hana shi amsa sai a na uku. Zai aure ta? Zai ga bayan bos? To, shekara goma sha tara kafin littafin Field, Alfred Hitchcock ya ɗana wa 'yan kallo tarko da wannan sabon nasu a fim ɗin Psycho na 1960.

Fim ɗin ya fara yadda aka saba. Marion Crane sakatariya ce a birnin Phoenix, tana son wani mutum, Sam, wanda bashi ya yi wa katutu har aure ya gagara. Maigidanta ya ba ta dala 40,000 ta kai banki, sai ta gudu da su. Tambaya ta samu: za a kama ta? Ɗan sanda ya sa mata ido, ta sauya mota, ruwan sama ya tilasta mata kwana a wani masauki, Bates Motel. Bayan hira da mai masaukin, Norman, saurayi mai kunya, ta yanke shawarar mayar da kuɗin. Sai ta shiga wanka, aka daba mata wuƙa har lahira, fim bai kai rabi ba. Janet Leigh, wadda ta fito a matsayin Marion, tauraruwa ce a lokacin, ba wanda ya zaci za a kashe ta da wuri haka. Shi ya sa Hitchcock ya sa gidajen sinima su hana kowa shiga bayan an fara.

A ganina gwanintar tana cikin mintunan da suka biyo baya. Kyamara ta tsaya a kan Norman yana goge jini, yana naɗe gawa, yana sa ta a but ɗin mota. Kuɗin suna ƙunshe cikin jarida, bai ma san da su ba, ya wurga su ciki. Ya tura motar cikin fadama, ta fara nutsewa, sai ta tsaya cak. A nan mai kallo yake samun kansa yana fatan ta ƙarasa nutsewa, alhali gawar jarumarsa ce a ciki. An sauya masa jarumi bai ankara ba, kuɗin da ya yi ta bi da ido sun tafi a banza, sabuwar tambaya ta maye gurbin tsohuwa: wa ya yi kisan, kuma me Norman yake ɓoyewa game da uwarsa?

Da wannan ake bambance ganganci da kuskure. Marubucin da labari ya kuɓuce masa yakan watsar da tambayarsa ya bar mai kallo hannu rabbana. Hitchcock kuwa ya tanadi wadda ta fi ta kafin ya kashe ta farko, kuma daga nan fim ɗin ya koma kan turba: bincike, cikas, warwara. Warwarar ce ma ta yi rauni, don an kawo likitan ƙwaƙwalwa ya yi dogon jawabi a kan abin da ido ya riga ya gani.

Quentin Tarantino ya bi wata hanyar a Pulp Fiction na 1994. An harbe Vincent a tsakiyar fim, sai ga shi a ƙarshe yana karin kumallo, domin an yamutsa jerin lokaci. Amma kowane guntun labari a ciki yana da farkonsa, tsakiyarsa da ƙarshensa. Finafinan Indiya da muka saba da su kuma suna da nasu lissafin: babbar girgizar takan faɗo daf da hutun rabin lokaci, don kada wanda ya fita sayen abin taɓawa ya wuce gida.