Kilokalori da Kilojul: Yadda Ake Karanta Kuzarin Abinci a Jikin Fakiti

Ɗauki fakitin biskit a kanti ka juya bayansa. Za ka ga ɗan jadawali da ƙananan rubutu, layin farko kuma kusan kullum na kuzari ne, wato ƙarfin da jiki zai samu daga abincin. Wani fakitin yakan rubuta adadin da kcal, wani da kJ, wani kuma ya kawo duka biyun gefe da gefe. Abu ɗaya suke aunawa, kamar yadda ake auna yadi ɗaya da kamu ko da mita, tsawonsa bai canja ba.

Kilokalori, wanda ake taƙaitawa kcal, shi ne zafin da zai ɗaga ɗumin ruwa kilo ɗaya da digiri ɗaya a ma'aunin Salsiyos. Kilojul kuwa, kJ, jul dubu ne, jul kuma shi ne ma'aunin kuzari na tsarin awo na duniya, an sa masa sunan masanin kimiyyar nan na Ingila, James Prescott Joule. Alaƙarsu ba ta motsi:

1 kcal = 4.184 kJ

Saboda haka daga kcal zuwa kJ ninkawa ake yi da 4.184, daga kJ zuwa kcal kuma a raba da shi. Wanda ke tsaye a kanti ba kalkuleta a hannu zai iya ninkawa da 4.2, kuskuren bai kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari ba. A kula kuma da kayan da suka fito daga Amurka: can kalori kawai suke rubutawa, amma kilokalori suke nufi. Idan ka ga 120, to 120 kcal ne, kada ka sake raba shi da dubu.

Mu ɗauki fakitin biskit mai nauyin giram 75. A ce jadawalinsa ya nuna 480 kcal a kowane giram 100. Ninka 480 da 4.184, za ka sami 2,008 kJ. Nan ne mafi yawan mutane ke tsayawa, nan ne kuma suke yin kuskure, domin babu giram 100 a cikin fakitin. Abin da ke hannunka giram 75 ne, wato kashi uku cikin huɗu na giram ɗari. Kashi uku cikin huɗu na 480 shi ne 360 kcal, idan aka ninka da 4.184 kuma ya zama 1,506 kJ. Wannan ne ya shiga cikin wanda ya cinye fakitin.

Akwai wani tarko na biyu a jadawalin. Kamfanoni da yawa sukan ƙara layi na abin da suka ɗauka a matsayin ci ɗaya. A fakitin namu, a ce giram 25 ne, biskit uku ko huɗu ke nan, 120 kcal ko 502 kJ. Lambar ƙarama ce, ido kuma yana saurin sauka a kanta. Amma wa ya taɓa ganin yaro ya buɗe ɗan fakitin biskit ya ci huɗu ya naɗe sauran sai gobe? Wanda ya ƙarar da fakitin ya ci ninki uku na wannan layi. Don haka kafin ka taɓa lissafi, ka fara tambayar kanka giram nawa aka ci.

Yanzu sai kwatantawa da buƙatar yini. Dokar Tarayyar Turai ta 2011 kan bayanin abinci ta wajabta rubuta kJ da kcal tare, ta kuma tsayar da 8,400 kJ ko 2,000 kcal a matsayin ma'aunin kwatance na matsakaicin baligi. Idan ka ninka 2,000 da 4.184 za ka sami 8,368, an cike shi ne ya zama 8,400 don sauƙi. Ostireliya da Niyu Zilan kuwa 8,700 kJ suke amfani da shi. Mu ɗauki 8,400. Raba 1,506 da 8,400 ka ninka da ɗari, amsar ta kusa kashi 18 cikin ɗari. Gwada ta ɗaya hanyar: 360 a raba da 2,000, kashi 18 ne cif. Hanyoyin biyu dole su haɗu a wuri ɗaya, idan ba su haɗu ba akwai inda ka zame.

Zamewar da aka fi yi ita ce gauraya ma'aunan. Wani zai ɗauki 1,506 na kJ ya raba da 2,000 na kcal, sai ya ga kashi 75 cikin ɗari, hankalinsa ya tashi, ya ce ɗan biskit ya cinye masa kusan abincin yini. Wani kuma zai raba 360 da 8,400 ya ga kashi 4, ya ce ai ba komai ba ne. Dukansu sun kauce da ninki huɗu da ɗan ɗoriya. Alamar gane wannan mai sauƙi ce: a kowane layi, lambar kJ tana ninka ta kcal sau huɗu da kaɗan. Akwai kuma iyaka. Mai zalla, kamar man gyaɗa, yana ba da kusan 900 kcal a giram 100, babu abincin da ya wuce shi. Duk lambar da ta haura 900 a giram 100, to kilojul ce.

Idan aka kora biskit ɗin da lemon kwalba mai rabin lita, wanda jikinsa ya nuna 42 kcal a mililita 100, an ƙara 210 kcal, wato 879 kJ. Jimilla 2,385 kJ, kashi 28 cikin ɗari na yinin, alhali ba a zauna gaban tuwo ba tukuna.

Mai lura zai ga wani abu a fakitin da ya kawo ma'aunan biyu: lambar kJ ba ta cika yin daidai da abin da ya lissafa ba. Dalili shi ne kamfani yakan lissafa kowanne daban daga kayan da ke cikin abincin. Giram ɗaya na maiko 9 kcal ne ko 37 kJ. Giram ɗaya na sitaci ko sukari 4 kcal ne ko 17 kJ, haka ma furotin. A ce giram 100 na biskit ɗinmu na ɗauke da maiko giram 20, sitaci da sukari giram 68, furotin giram 7. Ta kcal: 180 da 272 da 28, jimilla 480. Ta kJ: 740 da 1,156 da 119, jimilla 2,015. Mu mun sami 2,008. Bambancin 7 ya fito ne daga cike lambobin 37 da 17, ba ha'inci ba ne.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake ɗaukar 8,400 kamar rabon kowa. Lamba ce ta kwatance kawai. A Birtaniya, shawarar da ake bayarwa ita ce kusan 8,400 kJ ga mace, 10,500 kJ ga namiji. Manomin da ya wuni yana huɗa da damina ya fi haka buƙata nesa ba kusa ba, mai shayarwa ma tana buƙatar ƙarin kusan 500 kcal, wato wajen 2,100 kJ a kan na kullum. Fakitin namu kashi 14 ne ga namijin da ke buƙatar 10,500 kJ. Ga yaron da buƙatarsa take 1,500 kcal, wato 6,276 kJ, kashi 24 ne, kusan rubu'in abincinsa na yini. Uwar da ta karanta kashi 18 ta saka wa ɗanta fakitin a jakar makaranta ta auna shi ne da ma'aunin babban mutum, kuma biskit ɗin nan, mai furotin giram 5 kacal, ya riga ya cike wurin da ƙosai ko dafaffen ƙwai zai shiga.