An Soke Jirgi, Akwati Ya Ɓata: Yadda Ɗalibi Ke Karɓar Haƙƙinsa Daga Inshora

Kamfanin inshora bai ga abin da ya faru a filin jirgin sama ba. Ma'aikacin da zai duba takardar neman diyya yana zaune a ofis, kuma abin da ke gabansa kawai shi ne takardun da aka aiko masa. Shi ya sa ɗalibai biyu za su yi asara iri ɗaya a jirgi ɗaya, a biya guda, a hana ɗayan. Galibi bambancin yana faruwa ne tun a filin jirgin, a lokacin da mutum ya gaji, ransa ya ɓaci, yana son ya kama hanyar gida.

Mu ɗauki misalin wata ɗaliba 'yar Kano da ke karatu a Berlin ta ƙasar Jamus. Ta sayi tikitin zuwa Abuja don hutun ƙarshen zango, da sauyin jirgi a hanya, sannan ta sayi wani tikitin daban daga Abuja zuwa Kano. Da ta isa filin jirgi aka ce an soke tashin, sai gobe. Ta kwana a otal da kuɗinta. Washegari ta sauka Abuja, jirgin Kano ya riga ya tafi tun jiya, akwatinta kuma bai fito ba. Kuɗaɗen da za a ambata game da ita na misali ne, amma ƙa'idojin na gaske ne.

Wace inshora ce a hannunta?

Tambayar farko ke nan, kuma a nan da yawa ke tuntuɓe. Duk ɗalibin jami'a a Jamus dole ya mallaki inshorar lafiya, amma wannan ba ruwanta da akwati ko soke jirgi. Haka ma inshorar da ake saya don bizar Schengen: sharaɗinta shi ne ta ɗauki nauyin jinya har Yuro 30,000, kuma da dama daga cikin masu arha a nan suka tsaya. Sai ɗalibar ta buɗe takardar yarjejeniyarta ta ga ko akwai sashen kaya da sashen jinkiri ko soke tafiya, nawa ne iyakar kowanne, da kuma wa'adin kai rahoto. Akwai wani sharaɗi da ya shafi ɗalibai musamman: wasu yarjejeniyoyin ba sa aiki a ƙasar mutum ta asali. Ba a fafe gora ranar tafiya; wannan karatu kafin sayen tikiti ya kamata a yi shi.

Kamfanin jirgi ne farko

Inshora ba ta biyan abin da ya rataya a wuyan kamfanin jirgi. Aikinta cike giɓin da ya rage, don haka za ta fara tambayar me kamfanin ya biya.

A kan soke tashi, dokar Tarayyar Turai mai lamba 261 ta 2004 ta shafi duk jirgin da ya tashi daga ƙasashen Tarayyar, ko na wane kamfani ne. Idan ba a sanar da fasinja kwana 14 kafin tafiya ba, yana iya samun diyyar Yuro 250, 400 ko 600 gwargwadon nisa. Berlin zuwa Abuja ya haura kilomita 3,500, don haka Yuro 600 ne. Wannan diyya tana faɗuwa idan dalilin ya fi ƙarfin kamfanin, kamar mummunan yanayi, amma lalacewar jirgi ta yau da kullum ba ta cikin uzuri. Abinci, otal da motar zuwa otal kuwa suna kan kamfanin ko mene ne dalili. Tunda ɗalibar ta biya otal Yuro 85 da abinci Yuro 30 daga aljihunta, kamfanin jirgin za ta fara kai wa waɗannan rasit.

Saboda haka takarda mafi daraja a wannan dare ita ce shaidar soke tashi a rubuce, mai ɗauke da lambar jirgi, kwanan wata da dalili. Idan ba a samu a kan tebur ba, a nema ta imel, a kuma ajiye saƙon da kamfanin ya turo a waya da tsohuwar takardar shiga jirgi tare da sabuwa.

Kada a fita sai da rahoton kaya

Idan aka gama fito da kaya ba a ga akwati ba, wurin zuwa shi ne teburin ɓatan kaya, kafin a wuce jami'an kwastan. A nan ake cike rahoton da ake kira PIR. Za a nemi ɗan sitikar da aka manna a bayan takardar shiga jirgi lokacin auna kaya, a tambayi launi da girman akwatin, sannan a ba da lambar bibiya: haruffa uku na filin jirgin, a Abuja ABV, haruffa biyu na kamfanin, da lambobi biyar. Da ita ake neman akwatin a tsarin WorldTracer da yawancin kamfanoni ke amfani da shi. Ko ma'aikaci ya ce "Hajiya, ki je gida, za mu kira ki", ɗalibar ta tsaya har a miƙa mata takardar. In babu ita, da wuya wani ya yarda cewa akwatin bai iso ba.

Yarjejeniyar Montreal ta 1999, wadda Jamus da Najeriya duk suna ciki, ta tsara wa'adin. Akwatin da bai iso ba bayan kwana 21 ana ɗaukarsa ɓatacce. Idan ya iso a fashe, kwana 7 ne na kai ƙorafi a rubuce. Idan ya iso a makare, kwana 21 daga ranar karɓa. Rahoton filin jirgi shi kaɗai ba ya wadatarwa a matsayin neman diyya, sai an rubuta wa kamfanin daban. Iyakar abin da kamfani zai biya fasinja ɗaya, daga 28 ga Disamba 2024, ita ce SDR 1,519, wato ma'aunin kuɗi na Asusun Ba da Lamuni na Duniya, kimanin dalar Amurka dubu biyu. Wannan iyaka ce, ba kyauta ba. Abin da aka tabbatar da shaida shi ake biya.

Ita kuma inshora a sanar da ita tun ranar farko, ko da akwatin bai cika kwana 21 ba, a karɓi lambar fayil. Jiran amsar kamfanin jirgi kafin a yi magana yana iya cinye wa'adin.

Jerin kaya da lissafinsa

Nan ne aikin haƙuri. Kowane abu yana samun layinsa: mene ne, yaushe aka saya, nawa, da shaidar da aka haɗa. Tsarabar da ɗalibar ta saya a Berlin mai sauƙi ce, domin akwai rasit, ko kuma bayanin asusun banki. Matsalar tana wajen kayan gida. Shadda da leshin da aka saya a Kantin Kwari aka kai wa tela ba su cika zuwa da rasit ba. A nan sai a haɗa saƙon tura kuɗi ta banki, hoton da aka ɗauka sanye da kayan a ranar sallah, ko rubutacciyar shaida daga telan. A rubuta farashin da Naira yadda aka biya, a nuna canjin da aka yi amfani da shi da ranarsa. Abin da ba shi da wata shaida a rubuta shi a ce babu rasit. Kada a kuskura a ƙirƙiro rasit ko a ƙara farashi, domin ƙarya ɗaya tana iya rushe dukkan fayil ɗin.

Ga yadda lissafin zai iya kasancewa. Kayan da ta jera sun kai Yuro 900 a farashin saye. Yawancin yarjejeniyoyi suna biyan darajar kaya ta yanzu ne, ba ta sabo ba, don haka bayan an rage tsufa suka koma Yuro 720. Kamfanin jirgi ya biya Yuro 450, saura 270. Yarjejeniyarta ta ce Yuro 50 na farko na kowace asara a kanta yake. Inshora za ta biya Yuro 220. Da ta saka kwamfuta, sarƙar zinare ko tsabar kuɗi a akwatin da aka auna, da wuya a biya su, domin yawancin yarjejeniyoyi sun ware irin waɗannan sai in suna jakar hannu.

Tikitin Kano da ya ƙone kuwa, tunda daban aka saye shi, kamfanin farko zai yi jayayya a kansa. Inshora za ta biya ne kawai idan akwai sashen rasa jirgi na gaba, kuma za ta so shaidar cewa kamfanin cikin gida bai mayar da kuɗin ba.

Ita kanta takardar

Shafi ɗaya ya isa, da harshen da aka rubuta yarjejeniyar. A sama, suna kamar yadda yake a fasfo, lambar inshora da lambar fayil. Sai labarin a jere da kwanan wata, ba tare da kuka ko zagi ba: ranar kaza aka soke jirgi lamba kaza saboda dalili kaza, aka mayar da ni na washegari, na isa Abuja ƙarfe kaza, akwati mai lamba kaza bai iso ba, na kai rahoto nan take. Daga nan a raba buƙatar gida biyu, ta soke tashi da ta kaya, kowacce da jimillarta, a bayyana abin da kamfanin jirgi ya biya ko ya ƙi biya. Ɓoye wannan kuskure ne babba, domin kamfanonin suna iya tuntuɓar juna.

Kowace shaida a ba ta lamba, a ambaci lambar a cikin labarin: tikiti, takardun shiga jirgi, shaidar soke tashi, rahoton PIR, sitikar kaya, wasiƙar da ta tabbatar akwatin ya ɓata, jerin kaya, da rasit. Rasit ɗin kanti yana dushewa cikin watanni, musamman a zafi, don haka a ɗauki hotonsa tun ranar. A rufe da bayanan asusun da za a tura kuɗi, wanda a Jamus lambar IBAN ce, a ajiye kwafin komai.

Idan aka ƙi biya

Ƙin farko ba shi ne ƙarshe ba. A nemi kamfanin ya faɗi sakin layin yarjejeniyar da ya dogara da shi, domin sau da yawa takarda ɗaya ce ta ɓace, kuma aika ta ya isa a sake duba fayil. Idan abin ya ci tura, Jamus tana da ofishin sasanci na inshora, Versicherungsombudsmann, da ke sauraren ƙorafin masu inshora kyauta a kan kamfanonin da ke cikin tsarinsa. Ƙarar kamfanin jirgi kan kaya kuma tana da wa'adin shekara biyu a ƙarƙashin Yarjejeniyar Montreal.

Ga ɗalibin da ke rayuwa da kuɗin tallafi ko guminsa na aikin wucin gadi, Yuro ɗari shida na iya biyan hayar ɗaki na wata guda ko fiye. Kuɗin nan haƙƙinsa ne da doka da yarjejeniya suka tanada, kuma bai kamata gajiyar dare ɗaya ta sa ya bar shi ba.