FASHIN BAƘI: Dalilin da ya sa ake tantance irin takarda kafin na'ura ta karanta alƙaluman sakamakon zaɓe

Bayan zaɓen shugaban ƙasa na ranar 25 ga Fabrairu, 2023, 'yan jarida da ƙungiyoyin sa-ido sun sauke dubban hotunan sakamakon rumfunan zaɓe daga shafin IReV na Hukumar Zaɓe ta Ƙasa, INEC, domin su tattara ƙuri'u da kansu. Rumfunan da aka shirya zaɓe a cikinsu sun kai 176,606, adadin da ya fi ƙarfin karatu da ido. Don haka aikin yakan koma hannun manhajar OCR, wadda ke mayar da rubutun cikin hoto zuwa haruffa da lambobi.

Sai dai ba kowane hoto da aka ɗora a gurbin zaɓen shugaban ƙasa ne sakamakon wannan zaɓe ba. An ga hotunan da suka dushe, da takardun wasu zaɓuɓɓuka, har da hotunan da ba na takarda ba ne sam. Tambayar farko ga mai tattara bayanai ita ce: wace irin takarda ce wannan?

Dalilin da tantancewa ke zuwa farko

Manhajar da ke ciro alƙaluma ba ta fahimtar takarda kamar mutum. Ƙa'ida ake ba ta, a ce lambar da ke akwati kaza ita ce yawan masu rajista, wadda ke gaban sunan jam'iyya kaza ita ce ƙuri'unta. Kowace ƙa'ida an ɗinka ta ne daidai jikin takarda iri ɗaya.

A ranar an yi zaɓe uku a mafi yawan rumfuna, kowanne da takardarsa: EC8A ta shugaban ƙasa, EC8A(I) ta Majalisar Dattawa, EC8A(II) ta Majalisar Wakilai. Akwai kuma EC40G, wadda ake cikewa inda aka soke zaɓe ko ba a yi shi ba.

Idan aka ɗora ƙa'idar EC8A a kan hoton bango ko kan EC40G, abin da zai fito shirme ne, kuma kowa zai gane. Hatsarin yana ga takardun nan uku masu kama da juna. Dukkansu suna da yawan masu rajista, da waɗanda aka tantance, da jerin jam'iyyu. Manhaja za ta karanta ta sanata tsaf, ta zuba ƙuri'un a lissafin shugaban ƙasa ba tare da wani gargaɗi ba.

Ko gwajin lissafi ba zai kama ta ba. An saba tara ƙuri'un jam'iyyu a ga ko sun yi daidai da jimillar sahihan ƙuri'u da aka rubuta. Takardar sanata da aka cike daidai za ta ci wannan gwaji, domin lissafinta ba shi da aibi. Zaɓen ne ba nata ba.

Matakai uku na tantancewa

Mataki na farko shi ne duba lafiyar hoton. Wanda aka ɗauka a karkace ko a juye sai an miƙar da shi, kuma manhajar Tesseract tana gano juyewar shafi idan aka ba ta umarnin `--psm 0`. Wanda ya dushe har rubutu ba ya fita, a ware shi tun daga nan.

Na biyu shi ne duba siffa: shin akwai layuka da akwatuna irin na takardar sakamako? Wannan yana fitar da hotunan mutane da fararen shafuka, amma ba ya iya raba takardun nan uku.

Na uku shi ne karanta kan takardar kaɗai, inda aka buga lambarta da sunan zaɓen. A nan akwai tarko. Haruffan EC8A suna cikin EC8A(I), waɗanda su ma suke kama da farkon EC8A(II). Idan aka fara neman gajeriyar lambar, dukkan ukun za su amsa, a ɗauke su na shugaban ƙasa. Saboda haka ake fara neman mafi tsawo. Ƙari a kan haka, OCR yakan rikita babban harafin I da ƙaramin l da lamba 1, wani lokacin ma ya zubar da baka biyun gaba ɗaya. Shi ya sa ba a dogara da lambar ita kaɗai, sai sunan zaɓen da ke rubuce ya gaskata ta. Idan shaidun biyu suka saɓa, ba a yanke hukunci.

Gurbin da aka ɗora hoto a ciki ba shaida ba ne, iƙirari ne na wanda ya ɗora. Amfaninsa shi ne a gwada shi da abin da ke jikin takarda. Lambar kowace rumfa tana da kashi huɗu: jiha, ƙaramar hukuma, mazaɓa da rumfa. Lambar Jihar Kano ita ce 19, don haka takardar da ta fara da wata lamba a gurbin rumfar Kano abar bincike ce.

Misali da hotuna 200

A ƙaddara an sauke hotuna 200 daga gurbin shugaban ƙasa. Alƙaluman na misali ne kawai. A ce 150 EC8A ne masu karantuwa, 18 na sanata, 7 na ɗan majalisar wakilai, 5 EC40G, 12 sun dushe, 8 kuma ba takardar zaɓe ba ne.

Idan aka bi su duka da ƙa'ida ɗaya, 25 na ƙarshe za su tona kansu da gurbi marar komai ko lambobi marasa ma'ana. Amma 25 na 'yan majalisa za su shige salin-alin. Idan kowace tana ɗauke da sahihan ƙuri'u 250, an shigar da ƙuri'u 6,250 na wani zaɓe cikin lissafi ke nan, kuma rahoton zai nuna an karanta rumfuna 175 alhali 150 ne.

Idan aka fara da tantancewa, kowane hoto zai shiga rukuninsa. EC40G za ta sami tata ƙa'idar, a lissafa rumfar a matsayin wadda aka soke, ba wadda kowa ya sami sifili ba. Rumfuna 25 kuma za a rubuta cewa sakamakonsu na shugaban ƙasa bai samu ba, wanda shi kansa labari ne.

Rukunin “ba a sani ba”

Manhajar da aka koya wa iri huɗu kacal za ta cusa kowane hoto cikin ɗaya daga cikinsu, ko da rasiɗin kanti ne. Dole a buɗe rukuni na biyar, na abin da ba a gane ba, wanda mutum zai duba da idonsa. Manhajojin tantancewa kan bayar da makin tabbaci, sai a sa iyaka, misali kashi 90 cikin ɗari. Ɗaga iyakar yana ƙara wa masu dubawa aiki, sauke ta yana barin baƙin takardu su shige. Makin ma ba rantsuwa ba ne, domin manhaja takan yi kuskure tana mai cikakken tabbaci.

Hanyar auna aikin ita ce a ɗebo hotuna ba tare da zaɓe ba daga kowane rukuni, mutum ya tantance su, a ƙirga wane iri aka ɗauka a matsayin wane. Ba jimillar daidai ce abin kallo ba, domin manhajar da ta kira dukkan hotuna 200 ɗin EC8A ta dace da kashi 75 cikin ɗari ba tare da ta tantance komai ba. Abin kallo shi ne takardun 'yan majalisa nawa suka faɗa rukunin shugaban ƙasa.

Akwai wata alama mai saurin ganowa. Idan ƙuri'un kowace jam'iyya a rumfa ɗaya suka zo daidai wa daida a zaɓe biyu, mai yiwuwa takarda ɗaya ce aka ɗora sau biyu.

Tantancewa ba ta tabbatar da cewa alƙaluman da ke takarda gaskiya ne, kuma ba ta gano inda aka goge aka sake rubutawa. Abin da take tabbatarwa shi ne ƙuri'un da aka tara na zaɓen da ake magana a kai ne, sannan ta nuna yawan rumfunan da lissafin bai taɓa ba.