Dalilin Lalacewar Haruffa Masu Lanƙwasa

Abin takaici ne a ce har wa yau mutum yana samun saƙon sanarwa a wayarsa inda aka nufi rubuta “ƙasa” amma sai “?asa” ta bayyana, alhali kuwa tun tuni Unicode ya tanadar wa ɓ, ɗ, ƙ da ƴ gurabensu. Jama'a kan ɗora wa waya alhakin wannan aibi, amma a ganina yawancin laifin na tsimin kuɗi ne.

Ga yadda al'amarin yake. Saƙon tes yana tafiya ne bisa ɗaya daga ƙa'idoji biyu: GSM-7, wadda ke ɗaukar haruffa 160 amma babu ko ɗaya daga namu masu lanƙwasa a cikinta, da kuma UCS-2, wadda ta san su duka, illa dai haruffa 70 kaɗai take ɗauka, ko 67 a kowane yanki idan saƙon ya rabu. Saboda haka sanarwa mai haruffa 150, wadda da kuɗin saƙo ɗaya za a biya mata, da zarar ƙ guda ta shiga cikinta sai ta zama yanki uku, lissafi ya ninka sau uku. Mai aikawa ga dubban jama'a kuwa, da ya ga haka, sai ya tilasta wa saƙon bin GSM-7, ita kuma na'ura ta dasa alamar tambaya a gurbin duk harafin da ba ta sani ba. Maganin shi ne a taƙaita zance zuwa haruffa 70, a kuma umurci mai kula da hanyar aikawa ya sa `data_coding` a kan 8.

Illar PDF daban take, kuma alamarta kan tona asalinta. Idan akwatin da babu komai a ciki ya bayyana, to salon rubutun ne ba shi da surar harafin, kamar yadda kan faru da Helvetica da manhajojin buga rasit da rahoto suka saba ɗauka. Sai a koma ga Charis SIL ko Noto Sans, a tabbata an cusa salon cikin takardar lokacin fitarwa. Amma idan `Æ™` aka gani a gurbin ƙ, ko `É—` a gurbin ɗ, to an karanta UTF-8 ne da ƙa'idar Windows-1252 tun kafin bugawa, kuma sauya salo ba zai yi amfanin komai ba sai an gyara matanin daga tushe.

Akwai masu cewa a yar da lanƙwasar kurum, tunda mai karatu yakan gane. Lalle sau da yawa yakan gane, kuma a saƙon gaggawa uzurinsu karɓaɓɓe ne, domin “kasa” ta fi “?asa” dama. Sai dai wannan rangwame bai halatta a takardar shaida ko littafin makaranta ba, inda babu kuɗin yanki da za a kafa hujja da shi.