Takardar da ke jikin kabad ɗin hayaƙi: abin da take nufi, da abin yi idan kwalba ta fashe

A ɗakin gwaje-gwajen kimiyyar sinadarai, ko na jami'a ko na kwalejin fasaha, akwai wani babban kabad mai ƙofar gilashi da ake ɗagawa sama a sauke ƙasa. A cikinsa ake duk aikin da ke fitar da tururi mai guba ko mai kama wuta. A jikinsa kuma akan manna wa ɗalibai 'yar takardar sanarwa, layi biyar ko shida. Mai kyau daga cikinsu takan ce: ka tabbatar fanka na ja kafin ka fara, kada ƙofa ta wuce alamar da aka yi, ka yi aiki can ciki, kada ka sa kanka a ciki, kada ka mai da kabad wurin ajiya, idan kwalba ta fashe, ka sauke ƙofa, ka ja baya, ka kira malami.

Gajartarta daidai ce, domin wanda asid ya zubo wa a hannu ba shi da lokacin karanta shafi biyu. Sai dai gajartar nan kan sa ɗalibi ya ɗauke ta kamar dokar makaranta da ake bi don gudun faɗa. Ni kuwa a ganina, ɗalibin da ya san dalilin kowane layi shi ne zai bi shi ranar da malami ba ya tsaye a kansa.

Kabad ɗin ba shi da wani sirri. Akwai fanka, galibi a kan rufin gini, da ke zuƙo iskar ɗaki ta bakin kabad, ta ratsa kan kayan aiki, ta shige ta wasu tsagogi da ke bangon baya, ta fice ta bututu. Iskar nan mai shiga ita ce kariyar ɗalibi. Saurin da ake so ta yi a bakin kabad kusan rabin mita ne a daƙiƙa ɗaya, wato iska ce mai taushi ƙwarai, ko rabin saurin mutum mai tafiya bai kai ba. Shi ya sa ƙaramin abu ke lalata ta. Wanda ya wuce da sauri ta bayan mai aiki yana iya janyo tururi waje. Haka fankar sili da ke juyawa kusa, haka tagar da aka wangale lokacin hunturu. A ƙasar zafi wannan ba ƙaramar magana ba ce, domin hannu kan kai ga makunnin fanka tun kafin mutum ya yi tunani.

Ta yaya za a gane kabad yana ja? Ƙarar inji ba hujja ba ce, domin bel na iya tsinkewa moto ya ci gaba da kuka ba tare da ya ja komai ba. Sababbin kabad suna da mita da ƙararrawa. Inda babu, sai a liƙa siririyar takarda mai laushi a gindin ƙofar gilashi. Idan ta karkata ciki tana kaɗawa, iska na shiga. Idan ta rataye shiru, ba a buɗe ko kwalba ɗaya. Wannan gwaji yana nuna inda iska ta nufa ne kawai, ba ya auna ƙarfinta. Awon ƙarfi aikin masu gyara ne, akalla sau ɗaya a shekara, su rubuta kwanan wata a jikin kabad.

Alamar da ke gefen ƙofa yawanci tana wajen santimita 45 daga ƙasa. A irin kabad ɗin da fankarsa ke jan iska daidai wa daida kullum, idan aka ninka buɗewar ƙofa, saurin iskar sai ya ragu zuwa kusan rabi, tunda iskar da ba ta ƙaru ba ce aka raba wa babbar ƙofa. Ƙari a kan haka, gilashin garkuwa ne: idan wani abu ya tarwatse, shi zai tare fuska da wuya. Umarnin yin aiki aƙalla santimita 15 daga baki kuwa, jikin mai aikin ne sanadi. Iska na zuwa daga bayansa, ta kewaye shi, ta yi juyi a gaban ƙirjinsa kamar yadda ruwan rafi ke juyi a bayan dutse. Kwalbar da ke bakin kabad tana cikin wannan juyi, tururinta na iya hawowa kai tsaye zuwa hanci. Taki ɗaya aka tura ta ciki, ta fita daga hatsarin.

Batun ajiya shi aka fi karyawa. Kwalabe sukan taru a bayan kabad har su toshe tsagogin da iska ke fita, sannan kowace ɗaya makamashi ce idan wuta ta tashi. A ƙarshen Disambar 2008, a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjalas, wata matashiyar mai bincike 'yar shekara 23, Sheri Sangji, tana ɗibar wani sinadari mai kamawa da wuta da zarar ya haɗu da iska, sai sirinjin ya kwance a hannunta. Akwai buɗaɗɗiyar kwalbar wani ruwa mai cin wuta a cikin kabad ɗin, ita ma ta kife ta kama. Ba ta sanye da rigar lab, rigar sanyin da ke jikinta ta kama, kuma ba a kai ta ƙarƙashin shawar gaggawa da ke ɗakin ba. Ta rasu a Janairun 2009. Tana aiki ne a cikin kabad, amma kabad iska yake ja, ba ya kashe wuta.

Akwai layin da nake ganin dole a ƙara a duk inda wutar lantarki ba ta da tabbas: idan an ɗauke wuta, kabad ya mutu nan take. A rufe kwalabe, a kashe abin ɗumamawa, a sauke ƙofa har ƙasa, a matsa. Ko janareta ya tashi, sai an sake duba 'yar takardar nan kafin a ci gaba, domin ba lallai ne layin fanka yana kan janareta ba.

To, kwalba ta fashe. Mu ɗauki misali guda mu bi shi daki-daki. Ɗaliba na riƙe da kwalbar gwaji mai ɗauke da mililita 100 na asid mai ƙarfi, HCl, irin wanda ake kawowa daga kamfani, mai kusan kashi 37 cikin ɗari. Gindin kwalbar ya bugi ƙarfen da ake maƙala ta, ta tsage, asid ya malale a cikin kabad, kaɗan ya fantsamo mata a wuyan hannu. Farin hayaƙi ya fara tashi.

Abin da zuciya ke fara raya wa ɗalibi shi ne ya tsince gilashin da sauri kafin a gani, musamman a makarantun da ake biyan kuɗin abin da aka fasa. Wannan tsoro ne ke jawo yankan hannu, asid ya shiga ciwon. Ina roƙon masu kula da lab su rubuta ƙarara cewa wanda ya faɗa da wuri ba za a ci mutuncinsa ba. Gilashi shi ne na ƙarshe a jerin abin yi.

Na farko mutum. Ta sauke ƙofar da hannun da bai ɓaci ba, ta ɗaga murya: “Malam, asid ya zube!” Sai famfo. A cire safar hannu da agogo da duk tufar da ta jiƙe, a saki ruwa a kan wurin minti 15 cur, wani yana duba agogo, domin mai jin zafi yakan ɗauka minti biyu sun isa. Idan ido ne, a buɗe fatar idon da yatsu ana kwarara ruwa tsawon wannan lokaci, sannan a wuce asibiti da sunan sinadarin a rubuce. Ba a shafa man shafawa, ba a kuma zuba wani sinadari a fata wai don ya kashe asid. Ga abin da ya kamata a duba tun kafin a fara darasi: famfon yana kawo ruwa? Idan ba ya kawowa, a tanadi jarkokin ruwa mai tsabta kusa, in kuwa babu, a ɗaga darasin. Kuma tunda cire tufa a gaban jama'a abu ne mai nauyi, musamman ga mata, a ajiye zane ko rigar lab ta sauyi, kada kunya ta sa a bar asid yana cin fata. Bakin hijabi da faffaɗan hannun riga a cusa su cikin rigar lab tun farko, ƙafa kuma a rufaffen takalmi.

Na biyu iska. A bar fankar kabad tana aiki, ƙofa a sauke. Da a ƙasan ɗaki asid ɗin ya zube, sai kowa ya fita, a bar wa ma'aikata.

Na uku ruwan da ya zube, kuma wannan aikin malamin lab ne, da tabarau na kariya da safar hannu mai kauri. Zai kewaye shi da yashi don kada ya bazu, sannan ya barbaɗa hodar bikabonet, NaHCO3, daga gefe zuwa tsakiya. Lissafin ba wuya: mililita 100 na wannan asid na buƙatar kusan giram 100 na hodar, kuma haɗuwarsu na fitar da kusan lita 29 na iskar CO2. Shi ya sa ake zubawa kaɗan-kaɗan. Wanda ya juye gaba ɗaya, kumfa zai taso ya watsa asid ɗin. Idan kumfa ya daina tashi, a taɓa takardar awon pH. In ta nuna kusa da 7, an gama. In har yanzu ja take, a ƙara hoda.

Da abin da ya zube mai cin wuta ne, irin su ita ko asiton, sai tsarin ya sauya. Bikabonet ba shi da amfani a nan. A kashe duk harshen wuta da ke ɗakin, har na teburin nesa, domin tururin ita ya fi iska nauyi, yana bin tebur da ƙasa har ya tarar da wuta ya dawo da ita. A shanye ruwan da yashi. Garin katako kuwa kada ya kusanci asid irin HNO3, yana iya kamawa.

Sai a zo kan gilashi. Safar roba ba ta hana yanka, don haka manyan ɓaraguzai da hantsaki ake ɗauka, ƙanana da buroshi da abin kwasar shara, 'yan mitsi-mitsin kuma a dangwale su da jiƙaƙƙiyar takarda mai kauri. Duka a zuba a kwali mai ƙarfi da aka rubuta wa “fasasshen gilashi”. Idan aka jefa a kwandon shara na kullum, mai sharar da zai cusa hannu gobe da safe shi zai yanke, shi da bai san abin da ke jikin gilashin ba. A ƙarshe a rubuta abin da ya faru a littafin lab: wane sinadari, nawa, wa ya taɓa, me ya jawo.

Yawancin wannan wahala ana kauce mata da daƙiƙa goma. Kafin a zuba komai, a ɗaga kwalba a haske a jujjuya ta. Idan aka ga ɗan tsagu mai kamar tauraro a gindi, ko baki ya ɓantare, a miƙa wa malami a karɓi wata, domin irin wannan kwalba ce ke rabewa da zarar an ɗora ta a wuta ko an zuƙe iskar cikinta.