Jarrabawar birebe da bak: kayan tsada ne ake tsaidawa a bakin ƙofa

Da zarar lokacin jarrabawar birebe da bak ya kusanto, sai ciniki ya buɗe wa masu saida kayan lakwal, tun daga kasuwar Dole ta Damagaram har zuwa babbar kasuwar Yamai. Uwaye kan so su fidda ɗansu kunya, su saya masa abin da ya fi na kowa. Amma a nan ne mai kuɗi ya fi talaka shiga hatsari, domin kayan da suka fi tsada su ne masu tsaron jarrabawa suka fi zargi.

Dalilin ba ya da wuyar ganewa. Mai tsaro ba ya duba kuɗin da aka sayi abu. Tambayoyi biyu yake yi: shin wannan abu yana iya ajiye rubutu? Shin yana iya sada ɗalibi da wani a waje? Bik, kiriyo, gom, regil da kwamfa ba sa yin ko ɗaya, don haka suke wucewa. Takardar kira da katin shaida kuwa dole ne, su ake fara tambaya.

Salula tana yin duka biyun. Hotonta ɗaya ya isa a fidda tambayoyi daga ɗaki cikin minti guda, shi ya sa hukumomin Aljeriya suka katse intanet a faɗin ƙasa lokacin bak na 2018. Abin da uwaye da dama ba su gane ba shi ne, samun waya a jikin ɗalibi kawai ya isa a zarge shi, ko da a kashe take. Mai tsaro ba ya da hanyar sanin ko an kunna ta a makewayi, kuma ba aikinsa ba ne ya bincika zuciyar kowa. Ya karɓe ta, ya rubuta rahoto, sauran magana ta koma hannun magabatan jarrabawa. A Faransa, inda tsarin bak ya samo asali, hukuncin satar amsa yana kaiwa hana mutum jarrabawa har shekara 5.

Agogo ma ya shiga sahu, tun da aka fara ƙera mai karɓar saƙo. Da yake wasunsu ba a bambanta su da na gargajiya daga nesa, hukumomin jarrabawar Ingila sun hana kowane irin agogon hannu tun 2021. Inda aka yarda da shi, mai hannu, na jika biyu ko uku, shi ne ba ya jawo magana.

Na'urar lissafi ce ta fi ruɗa jama'a, domin wani lokaci halal ce, wani lokaci haram. A ɗauka wani ɗan kasuwa a Maraɗi yana da ɗiya mai shirin bak D. Ya tarar da na'ura biyu a shago. Ta farko ƙarama ce, fuskarta layi ɗaya ko biyu, tana da maɓallan `sin`, `cos` da `log`. Ta biyu ta ninka ta kuɗi sau da yawa, fuskarta faɗi gare ta, tana zana zane, tana da maɓallin `PRGM` da ƙofar haɗa ta da kwamfuta. Ya ɗauki ta biyu, a ganinsa ya yi wa yarinya gata. To ita wannan ana iya zuba mata darasi sukutum, ƙa'idodin lissafi da na kimiyya, a kira su cikin ɗaki. In dokar ranar ta ce marar ajiye rubutu kaɗai aka yarda da ita, za a karɓe ta, yarinya ta zauna awa uku ko huɗu tana lissafi da hannu, ko da ba ta zuba kome ciki ba. Aron na'ura daga maƙwabci ba ya yiwuwa, domin miƙa kaya tsakanin ɗalibai shi ma hanyar miƙa amsa ne. Faransa ta warware wannan daga 2020: ana shiga da babbar na'ura in tana da tsarin da ke kulle ajiyarta, sai wata ƴar fitila ta riƙa ƙyaftawa don mai tsaro ya gani. Wannan dokarsu ce, kuma ɗalibin Tawa ba zai kafa hujja da ita ba. Abin da zai bi shi ne abin da aka rubuta a takardar kiransa da kuma kan takardar tambayoyi.

Sai turus, ƴar jakar bik. Ita kanta ba ta da laifi, abin da ke kwana cikinta ne matsala: guntun takarda na bita da aka manta tun watan jiya, ko ƙa'idar da yaro ya rubuta a bayan regil ko cikin murfin na'ura tun farkon shekara. Shi ya sa wasu wuraren ba sa yarda sai da jaka mai nuna cikinta. Uban da ya zazzage ta daren jajibiri, ya goge regil, ya zuba bik biyu da kiriyo cikin farar leda, ya rage wa ɗansa tsayuwa gaban mai tsaro da safe.